Ranar da Kulsum Ta Fito da Jerenta Tsakar Gida

A Dangora in ka ce Kulsum ungozoma ba mai tambayarka wacce. 'Yar yayan mahaifina ce, shi ya sa nake ce mata Yaya. Gajera ce mai saurin tafiya, ta ɗan haura arba'in, kuma kullum za ka gan ta da hijabi ruwan toka da jaka baƙa a hammata. Sai da ta haifi 'ya'ya biyu sannan ta koma makarantar koyon ungozomanci, a lokacin da sa'o'inta suke cewa karatu ya wuce su. Tun da ta gama take aiki a ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Ƙiru. Yaran da ke tsere a layinmu, da yawansu ita ta yanke musu cibiya, kuma takan tuna musu in sun yi mata rashin kunya.

Aikin nata juyi ne: wani lokacin safe, wani lokacin yamma, wani lokacin kwana. Da tana da ƙuruciya ba ta damu ba. Ta dawo da safe, ta ɗora sanwa, ta yi wanki, ta ɗan kishingiɗa, ta koma. Da shekaru suka fara ja sai barcin rana ya ƙi ta, ga ciwon ɓarin kai da ke kama ta in haske ya yi mata yawa. Ta ce mini takan kwanta jikinta kamar an yi mata duka, amma idonta ƙyar, tana kallon rufi har a kira azahar.

Wanda ya san ɗakinta a wancan lokacin ba zai yi mamaki ba. Ɗaki ɗaya ne babba, nan ne wurin kwana, nan ne wurin baƙi. Mijinta Malam Hayatu, manomin masara ne mai sanyin hali, ya shafa masa fentin mai ruwan hoda tun lokacin aurensu, kuma duk bayan 'yan shekaru sai ya sabunta shi don ya faranta mata. Tagar tana kallon gabas, labulenta na leshi ne fari mai huda-huda. Bangon da ke fuskantar tagar kuwa jere ne tun daga ƙasa har kusa da silin: kabad mai gilashi cike da farantan tangaran, a samansa languna da fantekoki da samiru an ɗora ƙanana kan manya, sai tasoshi da ake gogewa da toka har su yi ƙyalli. Kan durowar gefen gado akwai filas uku, da kwalaben turare, da furen roba, da agogon da ya daina aiki. Da hantsi ya ɗaga rana ta shigo, ta daki gilashi, ta daki tasa, ta daki fenti, sai ɗakin ya zama kamar shagon mai sayar da madubi.

Jeren nan aikin Inna Tani ne, mahaifiyarta. Tun Yaya Kulsum tana goye ta fara tara shi da kuɗin ƙuli-ƙuli, kwano ɗaya yau, wani bayan girbi. Yaya Kulsum 'yar fari ce, don haka Inna Tani ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta yi mata magana kai tsaye in da mutane. In ta shiga ɗakin sai ta tsaya gaban kabad ta ce, "Mutanen gidan nan ba sa goge ƙura." Daga nan ta kama gefen zanenta ta goge. Iyakar hirarsu ke nan, kuma kowa ya san abin da take nufi.

Abin da ya tayar da maganar ya faru ne a wani juyin kwana. Wata mata daga garin Ƙofa tana naƙuda, Yaya Kulsum ta zauna a kujera tana jiran lokacin sake duba ta, barci ya sace ta. 'Yar rakiyar matar ta yi ta kira ba ta ji ba, sai da Sista Fa'iza, shugabar ɗakin, ta zo ta taɓa kafaɗarta. Allah ya kiyaye, an haihu lafiya. Da gari ya waye Sista Fa'iza ta ja ta gefe.

"Anti Kulsum, kin girme ni, kin kuma riga ni shiga aikin nan, ina jin nauyin faɗa miki. Amma in ya sake faruwa, sai dai ki koma teburin yankan kati. Ba zan ɗauki alhakin rai ba."

"Ni? Kati?"

"Ke. Wai ma a ina kike barci in kin koma gida?"

Ta kwatanta mata ɗakin. Sista Fa'iza ta riƙe baki. Ta ce abu uku za ta yi kafin juyin kwananta ya sake zagayowa: ta hana haske shiga, ta sauya launin bango zuwa mai sanyi marar ƙyalli, ta kwashe duk abin da ido zai tsaya a kai. Ɗakin da mai aikin dare zai kwana, in ji ta, sai ya zama jiki ya ɗauka dare ne ko da rana tana tsaka.

Yaya Kulsum ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta. Kunya take ji. Macen da ake nunawa a ce ta fi kowa iya karɓar haihuwa, a ji an kama ta tana gyangyaɗi a kan mai naƙuda? Ta gwammace a ce mata komai ban da wannan.

Malam Hayatu ya ce ai abu mai sauƙi ne. Ya ɗauko baƙin tamfol da yake shanya masara a kai, ya buga shi a tagar da ƙusa. Duhu kam an samu. Amma kafin azahar ɗakin ya koma tanda, ga warin roba, ga ƙaiƙayi yana zubo mata a fuska.

"Malam, barci na ce zan yi, ban ce ka gasa ni ba."

"To Maman Hafiz, ke kika ce duhu."

"Duhu da iska! Ko masarar taka in ka rufe ta haka ai sai ta yi gumi."

Aka cire tamfol. Ranar hutunta ta shiga Kano neman yadi. Ta ce masu shago sun ɗauka ba ta da lafiyar kai, domin duk yadin da aka miƙo mata ba ta duban adonsa, sai ta kunna fitilar wayarta ta manna a bayansa. In haske ya ɓullo ta ajiye. Wani ya kawo mata baƙi wuluk yana rantsuwa, ta haska, hasken ya fito tar. Nan ta gane ba launi ke tare haske ba, saƙa ce. Daga ƙarshe ta samu mai kauri ruwan toka wanda ko ɗigon haske bai wuce ba, ta haɗa da farin yadi na shafi, wanda zai kalli waje ya mayar da zafin rana baya.

Ta kai wa Mujitaba tela a bakin kasuwa. Ta yi masa bayani har sau biyu: labulen ya wuce tagar da taƙi guda ta kowane gefe, ya fara daga sama da ita sosai, ya sauka har ƙasa, faɗinsa kuma ya kusa ninka na tagar don ya yi tattara. Ya ce ya gane, ai ba yau ya fara ɗinkin labule ba.

Da ta je karɓa sai ta tarar ya yanka shi daidai bakin taga, ya rage mata yadi mai yawa yana murna, ya kuma bi ƙasan da leshi mai duwatsu masu walƙiya.

"Mujitaba, wannan mene ne?"

"Kyauta ce, Hajiya. Na ga yadin ya yi shiru da yawa, kamar na makoki. Leshin ban caje ki ba."

"Tsawon fa?"

"Ai ɓarna ce. Taga ƙarama, a zuba mata yadi har ƙasa? Ga ragowarki, ya ishi Hafiz wando."

"Hafiz ya ce maka ba shi da wando? Haske ta gefe yake shiga, bawan Allah! Ta gefe, ta sama, ta ƙasa! In ka rufe tukunya da murfin da ya yi daidai da ramin, ba faɗawa yake ba?"

Yaran shagon suka ƙunshe dariya. Mujitaba ya ce shi dai a iya saninsa labule ado ne. Ta ce a iya saninta ita ma jariri ta kai yake fitowa, amma in ya zo ta ƙafa ba ta tsayawa gardama da shi. Ta zauna a bencinsa ta ƙi tashi har sai da ya farke leshin, ya jona ragowar yadin a ƙasa da gefe. Har yau in ka duba da kyau za ka ga layin jonin. Ta sa aka ɗaura sandar labulen kusa da silin, dab da bango, don kar haske ya zubo ta sama. Ƙofar ma aka yi mata irinsa. Ƙaramar tagar arewa, wadda inuwar darbejiya ke rufewa, ita ta bari a buɗe da ragar sauro saboda iska, da guntun labule a kai.

Saura fenti. Mai fenti ya zo da shuɗi mai kama da bulan wanki, ya ce shi ake yayi. Ta ce a'a. Ya kawo kore shar. Ta ce ba masallaci za ta buɗe ba. Abin da take so launin kunun gyaɗa ne, fari mai ɗan duhu, kuma fentin ruwa, wanda ba ya ƙyalli. Ta sa ya shafa kaɗan a gefen ƙofa ya bushe, ta duba shi da safe, ta duba da rana, sannan ta yarda. Ya gaya mata gaskiya cewa fentin ruwa ba ya kama fentin mai sai an wanke bangon an goge shi da samfefa, an sa na ƙasa tukuna, in ba haka ba zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon rogo. Kuma ruwan hodar nan sai an shafa sau biyu zai ɓuya. Wannan aikin kuwa ba ya yiwuwa sai ɗaki ya zama wayam.

Nan ne aka yi kuskuren. Ita tana tunanin bango, ba ta tuna da abin da ido zai gani ba.

Da sassafe ta sa aka fito da komai tsakar gida. Gado, katifa, kabad, languna, tasoshi, akwatuna, aka jibge su a gindin darbejiya. Da yake tana tsoron awaki, sai ta ɗaure kwanukan cikin zannuwa, ƙulli-ƙulli. Ga kuma Malam Hayatu ya aro kurar ɗaukar kaya ya ajiye a ƙofar gida, don kwashe buhunan taki daga ɗan ɗakin ajiyarsa da ke jikin nata, inda za a sa kayan kafin fenti ya bushe.

Wata maƙwabciya ta leƙo neman garwashi. Ta ga ƙullin kaya, ta ga kura a waje, ta ga Yaya Kulsum da jan ido saboda rashin barci. Ba ta ɗauki garwashin ba. A garinmu mace ba ta fito da jerenta tsakar gida a ƙulle sai aure ya mutu.

Kafin hantsi ya yi zafi gidan ya cika. Mata suna shigowa da salati, wasu har da hawaye. Wata tsohuwa ta kama hannunta tana cewa ta yi haƙuri, ta dubi 'ya'yanta.

"Wane haƙuri? Fenti za mu yi!"

"Haka ne, 'yar nan. Rufin asiri yana da kyau."

"Wallahi fenti ne! Ga mai fentin can a ciki!"

"Allah sarki. Har ya fara gyara wa wata ɗakin tun ba ki fita ba."

A zaure kuwa Baffa Buba, ƙanen mahaifin Malam Hayatu, ya iso da sandarsa, ya sa aka kira shi daga wurin taki. Ni ina nan, na zo taya ɗaukar kabad. Malam Hayatu ya durƙusa ya gaishe shi, Baffa bai amsa ba.

"Nawa ka yi?"

"Buhu shida ne, Baffa, sai rabi."

"Saki nake tambayarka, sakarai! Ɗaya ko biyu?"

Malam Hayatu ya ce wallahi shi bai saki kowa ba. Ya rantse, ya sake rantsewa. Baffa Buba ya ce in ba saki ba ne, me zai sa mace mai hankali ta tsiraita ɗakinta? Malam Hayatu ya san dalili, amma an ce masa kar ya faɗa, sai ya ce barci take so ta yi. Baffa ya dube shi ya ce, "Shekara ashirin tana barci a ɗakin nan, yau ne kwano ya fara hana ta?" Sai da ya shiga da kansa ya ga mai fenti yana goge bango, ya shafa garin ruwan hoda a yatsa, sannan ya tafi yana cewa yaran zamani ba sa shawara.

Inna Tani ta zo bayan kowa ya watse. Ta riga ta ji ba saki ba ne. Ta zagaya ƙullin kayan, ta kwance ɗaya, ta ga an haɗa tangaran da tasa ba ko tsumma a tsakani. Ba ta dubi 'yarta ba. Ni ta duba.

"Kai Uwaisu, tambayi yayarka yaushe za a mayar da su."

Yaya Kulsum tana tsaye kusa da ita, amma sai da na maimaita. Ta sunkuyar da kai ta ce ba za a mayar ba, a ɗakin ajiya za su zauna.

"Inda ake sa taki."

"An kwashe takin, Inna."

"Gaya mata na ji. Gaya mata da ma kwanon talaka ne, ba na 'yan boko ba. In sun tsufa a idon masu su, a aiko mini da abina."

Ta gyara mayafi ta fita. Yaya Kulsum ta zauna kan katifa a tsakar gida ta dafe kai. Ta ce, "Ni dai barci kawai nake nema a duniyar nan. Barci! Abin da akuya take samu kyauta."

Aka gama fenti, aka bar ɗakin a buɗe har warin ya fita. Ta mayar da gado da gidan sauro, da durowa ɗaya, da darduma. Tufafi suka shiga akwati a ƙarƙashin gado. Madubi ya koma bayan ƙofa. Kan durowar ba komai sai kofin ruwa. Waya ma ta ce a hannun Malam za ta riƙa kwana, in asibiti ne ya tashe ta. In aka saki labulen aka ja ƙofa, sai ka miƙa hannu kana lalube, ga sanyi-sanyi daga tagar arewa. Gaskiya ɗakin ya yi daɗi. Amma Inna Tani ta ɗauke ƙafa, ko jikokinta suka je gaishe ta sai ta ce su gaida mutanen gidansu masu sabon bango.

Juyin kwana ya zagayo. Ranar farko ta dawo da safe, ta karya, ta saki labule, ta kwanta. Ta ce ba ta san sanda barci ya ɗauke ta ba, irin wanda ta manta da shi. Bai yi nisa ba ta ji sallama a kanta.

Maƙwabciyar nan ce mai garwashi, da wasu mata biyu. Sun ga hantsi ya yi, labule mai duhu a sake, ba motsi. Da ma tun ranar fenti ake ƙus-ƙus cewa jeren bai koma ba. Da suka ɗaga labulen ƙofa suka ga ɗaki wayam, mai ɗaki a kwance cikin duhu da rana tsaka, sai lissafi ya fito musu: ciwo ne babba ake ɓoyewa, har an sayar da kayan ɗaki an sayi magani.

"Sannu, Maman Hafiz. Ya jikin?"

"Lafiyata ƙalau. Barci nake."

"Sannu. Haka ciwon yake, sai yawan barci. A ɗan ɗaga labulen nan mana ki sha iska, duhu ai yana ƙara cuta."

Suka yaye labulen. Rana ta faɗo mata a ido. Suka zauna a bakin gado suna ba ta labarin wata da ta yi irin wannan a Burumburum. Da za su tafi suka ajiye kwanon fura a kan durowa, tunda ga wuri fili.

Kafin la'asar an yi sallama ta fi a ƙirga. Ba wanda za a ce wa ya koma, dubiya ce, lada ake nema. Malam Hayatu yana gona. Durowar da ta sha wahala ta share ta cika da kwanon fura, da ledar lemo, da kunun kanwa a jug, da ƙullin sassaƙe, da ruwan rubutu a kwalba. Ta tafi aiki da ciwon kai. Ta ce daren nan ba ta yarda ta zauna ba ko sau ɗaya, a tsaye ta yi shi, tana wanke fuska, Sista Fa'iza tana bin ta da kallo. Ta san ba za ta iya haka har ƙarshen juyin ba.

Washegari da safe ta dawo ta tarar da Inna Tani a tsakar gida. Labarin ciwon ya kai mata. Ba za ta ce ta zo duba 'yar fari ba, sai ta ce rariya ta zo ara, alhali kowa ya san tana da uku. Ni ma an aiko ni da kunu daga gidanmu, don mahaifiyata ta ji abin da kowa ya ji.

"Uwaisu, tambaye ta me likita ya ce."

Yaya Kulsum ta ajiye jakarta. Wannan karon ba ta jira na maimaita ba. Ta durƙusa a gaban mahaifiyarta.

"Inna, ba ni da ciwon komai. Barci na yi a kan mai naƙuda. An ce in na ƙara za a raba ni da ɗakin haihuwa. Kwanukanki ba su tsufa ba, haske suke mayar mini a ido, in na kwanta kuma ina ganin ƙura a kansu sai in tashi gogewa, don kar ki zo ki gani. Na gyara ɗakin, jiya kuma an hana ni runtsawa. Yau in na koma haka, ban san me zai faru ba."

Inna Tani ta kawar da kai. Ta dubi darbejiya.

"Matar ta sauka lafiya?"

"Lafiya. Namiji."

"Shi ne aka bar mutane suna ta haushi a kan kwano." Ta juyo gare ni. "Gaya mata ta shiga ta kwanta. Kai kuma buɗe mini ɗakin takin nan."

Ta sa na share shi, na yayyafa ruwa. Ta aika aka kira Malam Hayatu daga gona, ta tsaya a bayan ƙyaure saboda surukuta ta ce masa ɗan ɗakin nan ya tashi daga na taki, ya nemi wani wuri. Ya fara cewa ai masara tana nan tafe, ta ce Allah ya kawo ta lafiya, zaure yana da faɗi. Muka jingina kabad a bangon da ke kallon ƙofa. Ita ta jera komai da hannunta, manya a ƙasa, ƙanana a sama, tana gogewa da gefen zane, tana mita a kan wata langa da ta ƙwanƙwase. Sannan ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, daidai inda duk mai zuwa ɗakin Yaya Kulsum sai ya bi ta gabanta, ta zauna da carbinta.

Maƙwabciya mai garwashi ce ta fara zuwa, da kwanon koko.

"Ina kwana, Inna? Mun zo duba mai jiki."

"Lafiya lau. Wane mai jikin? Rage murya. Ma'aikaciya ce ta kwana tana karɓar 'ya'yan mutane, tana hutawa. Shigo nan ki zauna."

Matar ta leƙa ta ga jere ya cika bango.

"Au, ashe suna nan!"

"Da ina za su? Waccan babbar fantekar, shekarar da aka yi fari na saye ta. Zauna in gaya miki."

Duk wadda ta zo ranar sai da ta zauna ta ji tarihin kwano ɗaya ko biyu, da raɗa, har ta gaji ta tafi da kokonta. Yaya Kulsum ba ta motsa ba sai da aka yi azahar. Ta fito fuska a kumbure, ta tsaya tana ƙifta ido kamar baƙuwa. Inna Tani ta naɗe tabarmarta ta ce wa iska, "Mutanen gidan nan sun makara da salla." Ta tafi ba ta ɗauki rariyar ba.

Haka aka yi har juyin ya ƙare. Ranar ƙarshe Sista Fa'iza ta same ta tana wanke hannu bayan ta karɓi tagwaye, ta ce, "Anti, wata mai zuwa ma ke ce da kwana, kin san ba ni da kamarki." Maganar kati ba ta sake tashi ba.

Yanzu duk juyin kwana Inna Tani tana zuwa da safe da tabarmarta, kullum da abin da ta zo ara. Mata sun saba, ɗakin jere suke shiga. Malam Hayatu yana tsallake buhunan masara a zaure yana cewa ba komai. Sai dai Yaya Kulsum ba ta daina mita ba. Ranar da na je ta ba ni ƙarshen labarin nan, ta ja ni ɗakin ta nuna mini kan durowa. Kofin ruwan ya ɓace, an sa wata 'yar langa mai murfi a wurinsa.

"Ka gani? Inna ta ce kofi ƙura yake sha. Na yi shiru, ɗaya ce, kuma ba ta ƙyalli. To leƙa ƙarƙashinta."

Na ɗaga. Faranti ne na tangaran mai furanni.

"Jiya ya zo. Wai kar langar ta ɓata katako. Ka ɗauke shi ka mayar kabad, Uwaisu, amma ka bari sai ta tafi. In ta tambaya, ka ce ban gani ba."